Kwana 30 ne, ba wata ɗaya ba: fashin baƙi kan afil bayan kotu ta ɗaure mutum

Akwai wata magana da nake yawan ji a bakin 'yan uwan wanda aka ɗaure, kuma duk sanda na ji ta sai gabana ya faɗi, wato "ai Barista muna nan muna shirin afil ɗin". In ka tambaya yaushe aka yanke hukuncin sai a ce maka tun kafin azumi, ko tun lokacin sanyi. Wallahi da yawansu a lokacin da suke wannan maganar ƙofar ta riga ta rufe ba su sani ba. Shiyasa nace bari in zauna in warware wannan abu dalla-dalla, kuma zan bi ta kan labarin wani yaro da ya biyo ta hannuna nan Gombe, don inaga ta haka zai fi shiga.

Yaron ƙanin wani abokina ne, gyaran waya yake yi yana ɗan saye da sayarwa. Wani ya kawo mishi waya ya saya, bayan sati biyu 'yan sanda suka bi sawunta har teburinshi, ashe ta sata ce. Aka kai shi kotun majistare da tuhumar karɓar kayan sata. Aka karanta mishi cajin da Turanci, wani a gefe ya ce mishi da Hausa "ana tambayarka ka sayi wayar ko baka saya ba", shi kuma ya ce "eh na saya". A littafin kotu aka rubuta ya amsa laifi. Nan take aka ba shi wata 18 babu zaɓin tara. Ranar Laraba ce, 15 ga Janairu.

Toh me 'yan uwa suka yi? Abinda kowa ke yi. Sati na farko kuka da kai abinci gidan yari. Sati na biyu aka tafi wajen mai wayar ana ba shi haƙuri, aka haɗa da mai unguwa da limamin masallacinsu, shi kuma bawan Allah ya ce ya yafe har ya rubuta takarda. Suka ɗauka shikenan za a sako yaro. Daga nan wani ya ce musu sai an karɓo kofin hukunci tukuna kafin a yi komai, suka yi ta zirga-zirga ana ce musu ba a gama bugawa ba. Sai ranar 3 ga Maris yayan ya zo ofis da mahaifiyarsu. Tana zama ta ce "Barista, mai waya fa ya yafe, me kuma ya rage?" Nace mata Inna, yafiyar nan tana da amfani amma bata goge hukuncin kotu, kuma yau kwana 47 da yanke shi, doka kuma 30 ta bayar.

Bari in tsaya a kan lissafin nan sosai don nan ne ake faɗuwa. In kotun majistare ce ta yanke hukunci, afil Babbar Kotun jiha yake tafiya, kuma kwana 30 ne. Haka kotunan yanki da muke da su nan Gombe, da kotunan shari'a na Bauchi, su ma 30 ɗin ne, sai dai su akwai tambayar wace kotu ce a samansu a shari'ar laifi, wannan dole lauya ya duba maka kafin ka rubuta sunan kotu a takarda, don in ka kai inda bata da hurumi kamar baka kai ba ne. Ranar da aka yanke hukuncin ba a ƙirga ta, washegari ne kwana na ɗaya. Asabar da Lahadi da ranakun hutun sallah duk suna cikin ƙirga, ba kwanakin aiki ake nufi ba. Sauƙin da doka ta yi kawai shi ne in rana ta ƙarshe ta faɗo Lahadi ko ranar hutun gwamnati, to ana ɗagawa zuwa ranar da ta biyo baya. Asabar kuma kar ka dogara da ita, in ka ga wa'adinka zai cika Asabar to ka ɗauka Juma'a ce ranarka ta ƙarshe. A lissafin yaron nan, Janairu saura kwana 16, a ƙara 14 na Fabrairu, wa'adi ya cika Juma'a 14 ga Fabrairu. Wanda ya ce a ranshi "wata ɗaya ne, sai 15 ga wata" ya riga ya makara da kwana ɗaya, kuma a wajen kotu makarar kwana ɗaya da ta kwana ɗari duk sunansu makara, dole sai ka nemi izini. Ga shi kuma Juma'a ce, kowa ya san yadda ofisoshi ke watsewa in an tafi masallaci.

Wani abu kuma, wani lokacin alƙali zai ce ya same ka da laifi yau amma sai ya ɗaga zuwa wani sati kafin ya faɗi shekarun ɗaurin. In haka ta faru ka fara ƙirga daga ranar farko, ranar da ya ce kana da laifi, kar ka jira ta biyun.

Me yake tsayar da wannan agogon? Abu ɗaya ne tak, takardar sanarwar ɗaukaka ƙara, wadda lauyoyi ke cewa notis, a shigar da ita a rajistirin kotun da ta yanke hukuncin, a buga mata hatimi da kwanan wata, in akwai kuɗin da aka biya a baka rasit. Ka lura da kyau, kotun da ta ɗaure ka nace, mutane da yawa sun ɗauka sai sun tafi babbar kotu kai tsaye. Ba wa lauya kuɗi baya tsayar da agogo. Rubuta wa babban jojin jiha takardar koke baya tsayar da shi. Sulhu da mai ƙara baya tsayar da shi. Tsayawa a gaban alƙali ka ce "ban yarda ba zan yi afil" shi ma in ba a rubuta ba iska ce ta ɗauka. Gaskiya ne a ƙananan kotu doka ta yarda ka faɗa wa rajistara da baki, amma sharaɗin shi ne ya rubuta a takarda ka sa hannu, saboda haka kar ka bar wajen sai ka ga takardar da idonka ka karɓi kofi. In mutum yana tsare yana iya miƙa tashi ta hannun jami'an gidan yari, akwai ofishin walwala da ke wannan aikin, amma 'yan uwa su bi sawu su tabbatar ta isa kotu, kar a bar ta a durowa.

Batun jiran kofin hukunci kuwa shi ya fi ƙona min rai, don masu jiran gani suke suna bin ƙa'ida ne. Tsarin mulkin 1999, sashe na 36(7), ya ce wanda aka yi wa shari'ar laifi yana da haƙƙin samun kofin hukunci cikin kwana 7 da kammala shari'a. A aikace kuwa sai a fi wata ba a buga ba, musamman inda alƙali da hannu yake rubutu. Amma rashin kofin baya hana ka shigar da notis. Akwai dalili guda na gama-gari da doka ta yarda da shi a shari'ar laifi, shi ne ka ce hukuncin bai dace da hankali ba kuma shaidun da aka gabatar ba za su iya ɗaukarshi ba. Ka saka wannan, ka ƙara duk wani dalili da ka riga ka sani, ka rubuta cewa za a kawo ƙarin dalilai in an samu kundin shari'a. Shikenan ka riƙe ƙofa, sauran gyara daga baya ana neman izinin kotu a yi. Sai dai kalmomin suna da muhimmanci, akwai irin wannan dalilin na shari'ar kuɗi da gona wanda ke cewa hukuncin ya saɓa wa rinjayen shaida, in aka kwafo shi aka saka a shari'ar laifi kotu na iya watsar da shi, saboda a laifi ba rinjaye ake aunawa ba, sai an tabbatar da laifi ba tare da wani kokwanto mai ma'ana ba, kamar yadda sashe na 135 na dokar shaida ta 2011 ya ce.

Sa hannu ma wani rami ne. An daɗe ana korar afil a manyan kotuna saboda lauya ne ya sa hannu a notis ba wanda aka ɗaure ba. Yanzu an sassauta ƙa'idar, amma ni har gobe sai na tafi gidan yari mutum ya sa hannunshi ko ya dangwala yatsa a gaban shaida, don ban ga dalilin buɗe ƙofar gardama ba. Kuma in mutum uku aka ɗaure tare, ko uwa ɗaya uba ɗaya suke, kowa notis ɗinshi daban. Kotun Ƙoli ta sha faɗin cewa notis na haɗin gwiwa a shari'ar laifi bashi da inganci. Mutane na son haɗawa don a rage kuɗi, ƙarshe duka ukun a rasa.

Yanzu mu zo kan dalilai, wato me za ka ce wa kotun sama. Nan ma akwai rashin fahimta babba. Mutane sun ɗauka afil sabuwar shari'a ce, za a sake kiran shaidu, za ka kawo wanda ka manta baka kawo ba. A'a. Alƙalan sama ba su ga kowa ba, takarda kawai suke karantawa, kundin abinda aka rubuta a kotun ƙasa. Abinda baya cikin kundin nan, a wajensu kamar bai faru ba. Kawo sabuwar shaida sai da izini na musamman kuma da ƙyar ake bayarwa, sai ka nuna babu yadda za a yi ka same ta a lokacin shari'ar farko. Haka kuma in ka ce "shaidan ƙarya ya yi", za su ce maka alƙalin da ya kalli fuskarshi ya ji muryarshi ya fi mu sanin wannan, ba kasafai suke taɓa irin wannan ba sai in abinda alƙalin ya yanke ya ci karo da abinda ke rubuce ƙarara. Dan haka aikin shi ne ka nuna kuskure, ka ce a shafi kaza alƙali ya yi kaza, doka kuma kaza ta ce.

A shari'ar yaron nan dalilai biyu muka riƙe kuma suna haɗe da juna. Na farko, laifin karɓar kayan sata ba sayen kawai ba ne, dole mai gabatar da ƙara ya tabbatar kayan na sata ne, kuma wanda ya karɓa ya sani ko yana da dalilin da zai sa ya yi zaton na sata ne, ya karɓa da rashin gaskiya. Wanda ya ce "na saya" ya amsa saye ne kawai, bai amsa sani ba. Kaga kenan amsar tashi bata cika ta zama amsa laifi ba, kamata ya yi a rubuta bai amsa ba a kira shaidu. Na biyu, tafinta. Sashe na 36(6) na tsarin mulki ya ce a sanar da mutum laifin da ake tuhumarshi dalla-dalla da yaren da yake ji, kuma a ba shi tafinta kyauta in baya jin yaren kotu. Da muka samu kundin muka duba, babu inda aka rubuta an rantsar da tafinta, babu sunan wanda ya fassara, babu inda aka ce an bayyana mishi cajin da Hausa ya fahimta. Wannan giɓin shi ne ƙarfinmu. Amma in faɗa muku gaskiya, da a ce yana da lauya a ranar kuma lauyan ya yi shiru bai yi ƙorafin tafinta ba, da wannan dalilin ya yi rauni sosai, don kotunan sama sukan ce me ya hana ka magana a lokacin.

Wannan ya kawo ni kan masu cewa wanda ya amsa laifi bashi da afil. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, in ka amsa da saninka da fahimtarka to abinda ya rage maka galibi shi ne ka ƙalubalanci horon, ko ya yi tsanani ko ya wuce abinda doka ta ba wannan alƙalin ikon yankewa, don kowane majistare akwai iyakar shekarun da darajarshi ta ba shi. Amma in baka fahimci abinda ka amsa ba, ko abinda aka ce ka yi ko da gaskiya ne bai zama laifi a doka ba, ƙofa a buɗe take.

Sauran dalilan da ake yawan cin nasara da su ba zan ja su ba. Kotu bata da hurumin sauraron laifin tun farko, kamar ƙaramar kotu ta yanke shari'ar kisan kai. An hana mutum yi wa shaidu tambayoyi ko kiran nashi shaidun. Ya ce tun a ofishin 'yan sanda ranar yana Kumo ko Bajoga wajen wane, ba wanda ya je ya bincika, alƙali kuma bai ce komai a kai ba. Sai babban cikinsu, takardar iƙirari, wato sitetimen da aka ce mutum ya yi a caji ofis. In duka aka yi mishi ya sa hannu, lokacin faɗa shi ne daidai sanda mai gabatar da ƙara ya miƙa takardar zai saka ta cikin shaida, a nan ne kotu za ta tsaya ta yi ƙaramar shari'a a kan ko da son ranshi ya yi. In aka yi shiru ta shige, daga baya a afil a zo ana cewa an dake shi, abu ne mai wuyar gaske. Kuma duk kuskuren da ka nuna, akwai tambaya ta ƙarshe da alƙalan sama ke yi, shin wannan kuskuren ya jawo an zalunci mutumin ne, ko ko da babu shi hukuncin ɗaya ne? In ƙaramin kuskure ne da bai canza komai ba za su yarda an yi kuskure amma su bar hukuncin yadda yake.

Toh mu da muka makara da kwana 17 fa? Ba a rufe gaba ɗaya ba, akwai neman ƙarin lokaci, kuma wannan a kotun sama ake nema, majistaren da ya yanke bashi da ikon ƙara maka. Sai dai abinda jiya haƙƙinka ne yau ya koma roƙo, alƙali na iya bayarwa yana iya hanawa. Abu biyu za ka nuna kuma dole su zo tare. Ɗaya, takardar rantsuwa da ke bayyana ƙwaƙƙwaran dalilin makara, kuma ba a dunƙule ba, ana so ka bi kwanakin ka ce daga ranar kaza zuwa kaza ga abinda ya faru. Biyu, ka haɗa da notis ɗin da kake son shigarwa, a ga dalilan cikinshi suna da nauyin da ya kamata a saurara. In kana da uzuri mai kyau amma dalilan afil ɗin ba komai, ba za a baka ba, haka in aka juya. "Ba mu da kuɗin lauya" shi kaɗai ba kasafai yake wadatarwa ba, "ba mu san doka ba" ma haka. Abinda ya taimake mu shi ne yaron yana tsare tun ranar hukunci, bashi da lauya ko a ranar, babu inda kundin ya nuna an faɗa mishi yana da damar afil, kuma yayan ya ajiye kofin takardar da ya rubuta yana neman hukuncin da hatimin ranar da aka karɓa. Wannan 'yar takardar da ya ninke a aljihu ta yi mana aiki fiye da yadda yake zato. Nace mishi Hamma, da baka ajiye wannan ba da bakinmu kawai za mu je da shi.

An ba mu izinin, amma ku duba abinda makarar ta ci. Kafin a saka ranar sauraron roƙon, a ba lauyan gwamnati kofi, a zauna, kusan wata biyu ya tafi, duk a kan neman a buɗe ƙofa kawai, ba a ma fara maganar wayar ba. Duk wannan lokacin yaro yana ciki.

Don afil baya dakatar da ɗauri, wannan ma a sani. Ka shigar da notis yau, gobe kana nan a gidan yari kana cin wa'adinka. Akwai beli kafin a gama afil amma ba irin belin farko ba ne, don yanzu doka bata ɗaukarka a matsayin mara laifi, sai ka nuna wani yanayi na musamman, kamar rashin lafiya mai tsanani da asibitin gidan yari ba zai iya ba, ko kuma ɗaurin gajere ne har za ka iya gama shi kafin a saurari afil ɗin. Wannan na biyun yana da ƙarfi ga irin su yaron nan, tunda da rangwamen kashi ɗaya cikin uku da ake yi wa mai ladabi, wata 18 yana komawa 12, shiyasa kuke jin ana cewa shekarar gidan yari wata takwas ce. Amma ba za ka nemi wannan belin ba sai akwai afil mai rai a gaban kotu, kaga makara ta sake cin mu ta nan. Hukuncin kisa kuwa ba a zartarwa matuƙar afil na gaban kotu, kuma akwai tarihi mai ciwo a kan haka, wani Nasiru Bello da aka kashe a jihar Oyo a 1981 alhali afil ɗinshi na jiran sauraro, Kotun Ƙoli a 1986 ta ce abinda gwamnatin ta yi haramun ne a doka.

Wasu kuma tara ake yanke musu, su biya a wajen su tafi gida suna hamdala, ba su san sunan mai laifi ya manne musu ba. Biyan tara baya goge hukunci kuma baya hana ka afil, amma kwana 30 ɗin nan yana tafiya kana gida. Sai bayan shekaru mutum ya zo neman aikin ɗamara ko takara abin ya taso, don tsarin mulki ya hana wanda aka samu da laifin rashin gaskiya tsayawa takarar majalisa ko gwamna sai bayan shekara 10. In ka san baka yi ba, ko tarar dubu biyar ce, ka yi tunanin afil tun a satin farko.

Matakan sama kuma lissafinsu daban, kuma nan har masu ilimi suna ruɗewa. Daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar laifi kwana 90 ne, sashe na 24 na dokar kotun. Wata uku da kuke ji na shari'ar da ba ta laifi ba ce. Bambancin ƙarami ne amma yana kisa. A ce an yanke hukunci 14 ga Mayu, Mayu saura 17, Yuni 30, Yuli 31, ya zama 78, a ƙara 12, wa'adi ya cika 12 ga Agusta. Mai lissafin wata uku zai zo 14 ga Agusta ya tarar ya makara da kwana biyu. Ga shi Agusta lokacin dogon hutun kotuna ne, mutane sai su ce ai kotu na hutu sai an dawo, alhali alƙalai ne ke hutu, rajistiri a buɗe yake kuma kwanakin suna tafiya. Alhamdulillahi yanzu akwai reshen Kotun Ɗaukaka Ƙara a nan Gombe, da can sai an tafi Jos, amma dai notis ɗin a rajistirin Babbar Kotun da ta yanke ake shigarwa. Bayan notis akwai haɗa kundi a tura sama, in rajistara bai yi cikin kwana 60 ba nauyin yana dawowa kan mai afil, sannan daga ranar da kundin ya isa lauyanka yana da kwana 45 ya shigar da rubutacciyar hujjarshi, ɗaya ɓangaren 30. Afil da yawa a nan suke mutuwa, an shigar da notis an koma gida an kwanta, ba wanda ya bi kundi. Dan Allah duk wata ka tambayi lauyanka, kundi ya tafi? an ba mu lambar afil?

Akwai kuma tarkon izini. In Babbar Kotu ita ta fara sauraron shari'ar, afil haƙƙinka ne kai tsaye. Amma in daga majistare aka taho, Babbar Kotu ta zauna a matsayin kotun afil ka faɗi, to zuwa gaba in dalilanka sun taɓa yadda aka auna shaida ba zallar doka ba, sai ka nemi izini, kuma iznin da notis ɗin duk a cikin wa'adin ake so.

Sai na ƙarshe wanda ya fi kowanne yaudara. Daga Kotun Ɗaukaka Ƙara zuwa Kotun Ƙoli a Abuja, a shari'ar laifi kwana 30 ne kacal, sashe na 27 na dokar Kotun Ƙoli. Mutum ya saba da 90 a matakin baya, yana ganin tunda kotun ta fi girma lokacin ma zai fi yawa, ashe raguwa ya yi. Kuma sau da yawa wanda ke tsare ba a kawo shi ranar da ake karanta hukuncin, yana can gidan yari bai ma san an yanke ba sai bayan sati uku wani ya faɗa mishi, ga 'yan uwa sun gaji kuɗi ya ƙare. Masu hukuncin kisa da ɗaurin rai da rai da yawa a nan tafiyarsu ke tsayawa. In babu halin lauya, akwai hukumar gwamnatin tarayya mai ba marasa ƙarfi lauya kyauta, wadda ake kira Ligal Eid, tana da ofis a Gombe tana da shi a Bauchi, a je musu tun a kwanakin farko da sunan kotu da lambar shari'a da ranar hukunci a rubuce, aiki ya musu yawa, wanda ya zo da bayaninshi a shirye shi ake fara ɗauka.

Yaron namu dai daga ƙarshe alƙalai biyu suka zauna a Babbar Kotu suka saurare mu. Lauyan gwamnati ya tsaya a kan cewa ai ya amsa da bakinshi, muka ce a buɗe shafin a nuna mana inda aka fassara mishi da inda ya ce ya san ta sata ce. Suka soke hukuncin. Amma ba su ce bashi da laifi ba, don kuskuren na hanyar shari'a ne, ba a taɓa kiran shaida ko ɗaya ba balle a ce ta gaza, saboda haka suka ba da umarnin a sake shari'ar daga farko a gaban wani majistare daban, wanda dama yana cikin abinda kotun afil ke iya yi, kamar yadda take iya sallamar mutum gaba ɗaya ko ta rage horo ko ta mayar da laifin zuwa ƙarami. A sabuwar kotun ya ce bai aikata ba, aka ba shi beli a ranar, kuma a nan ne takardar yafiyar mai wayar ta samu wajen shiga, tare da littafin da yake rubuta sunan duk wanda ya sayar mishi da waya da lambarshi. Ranar da ya fito Inna ce ta ƙirga da yatsunta a bakin kotu, wata bakwai da 'yan kwanaki ya yi a ciki, cikin 12 da zai yi in da ba a yi afil ɗin ba.